Abansi don Saran Sungumi

Shekarar da ƙanena ya sari maƙwabcinmu da sungumi, ina aiki a wani magaza, wato babban shago, na siminti da rodi a bakin kwalta, cikin Dogon Dutsi. Ni ke riƙe da mabuɗi. In mota ta kawo kaya in ƙirga, in an saya in fitar. Albashina jika saba'in ne a wata, wato sefa dubu saba'in, kuma kada wani ya ce mini da yawa, don kafin wata ya raba biyu sun bi iska.

Ruwan shuka ya sauka da yammacin jiya, gari ya waye kowa a ƙauyenmu, can wajen Kiyeshe, ya fita gona. Ni kuwa ina ɗaura takalmi zan tafi aiki sai waya ta yi ƙara. Inna ce. Ba ta tsaya gaisuwa ba, kuma duk ranar da Inna ta tsallake gaisuwa to a shirya. Kuka take, tana salati, sai da na daka mata tsawa, Allah ya yafe mini, kafin na gane abin da take faɗi.

Tsakanin gonarmu da ta maƙwabcin akwai layin gamba, shi ne iyaka tun kakanni. Da rani an yanke ta don saƙar zana, shanu suka bi sauran, har wani wuri tushen ma ya ɓace. Ƙanena yana tafe yana saran rami da sungumi, matarsa na bin sa tana zuba iri, sai ga maƙwabcin, tsoho ne, ya zo yana bi yana rufe ramukan da ƙafa. Ya ce an shigo masa gona. Ƙanena ya ce ba a shigo ba. Tsohon ya cire takalminsa ya wanke shi da mari a gaban matarsa, ya ce ko ubanmu da ke kabari ɓarawon iyaka ne. Ƙanena ya juya sungumin ya sauke masa a kai, bisa kunne. Ƙasar da aka yi wannan a kanta ba ta kai shimfiɗar tabarma biyu ba.

Inna ta ce ƙanena ya ruga gidan mai gari ya ɓuya. 'Ya'yan 'yan uwan tsohon sun zagaye gidan da sanduna, wasu sun je sun cinna wa dangarmu wuta, sun fasa randunan ruwa, sun doke matar ƙanena har ta faɗi. Dattawa suka tare su da magana ɗaya: wanda ya zubar da jini shi ke biyan magani tun kafin a buɗe baki a yi shari'a. In mun kawo kuɗi, tsoho ya tashi, ana iya kashe wutar a zauren mai gari. In ba mu kawo ba, to babu mai riƙe kowa.

Na hau kabu-kabu na nufi asibiti. Na tarar an kawo shi. Mutumin da ya goya ni a kafaɗa ina yaro, ya koya mini ɗaure dami, shi ne kwance kan gadon ƙarfe, an naɗe masa kai, jini ya ratsa naɗin ya jiƙa katifa. Ido ɗaya ya kumbura ya rufe, ɗayan a buɗe amma ba ya kallon kowa. Numfashinsa kamar ana jan buhu a ƙasa. Na ce, "Baba, ni ne." Yatsun ƙafarsa kawai suka motsa, da laka a kansu har lokacin.

Majo, babban malamin asibitin, ya ja ni gefe. Ya ce sun tsai da jini, sun sa ruwa, amma ƙashi ya fashe, sai an kai shi babban asibitin Doso, wataƙila ma daga can a wuce Yamai. Ya lissafa mini kuɗin esansi, wato man ambulans, da maganin da ke kan takarda, da abin da za a tarar a can. Ya ce in nemi kamar jika tis'in, kuma kada in yi jinkiri. A aljihuna jika huɗu ne. Akuyoyinmu biyu a ƙauye ƙasusuwa ne ke tafiya, kuma ranar kasuwa da saura. Wuri ɗaya na sani da irin kuɗin nan ke kwance da safe, wato akwatin mai gidana.

Zan fita sai ƙanen tsohon, wanda ya rako shi, ya kama hannun rigata. Ya ce, "Yaro, abu ɗaya. Ɗanai bai sani ba. Mun ce mishi ubanai ya faɗi a gona, jiri ne. Ka san zuciyatai. In ya ji yanzu, ba nan za shi zo ba, ƙauye za shi nufa da wuƙa. Bari mota ta samu, in kira shi in faɗa mishi da bakina." Haka ake yi a wurinmu, ba a jefa wa mutum mugun labari gaba ɗaya, ana ba shi kaɗan-kaɗan, kuma babba ke bayarwa. Na ce to.

Ɗan nan nasa kuwa abokina ne, kuma a magaza ɗaya muke. Ni na kawo shi Dutsi na roƙa masa aikin dako. Ƙato ne, yana ɗaukar buhun siminti biyu yana waƙa. Kwano ɗaya muke ci da rana.

Na isa magaza na wuce kai tsaye wurin Madam, mai riƙe mana lissafi. Kirista ce, dattijuwa, mai tabarau, ba ta da wasa amma ba ta da mugunta. Na ce ina son abansi, wato a ba ni kuɗi kan albashina tun kafin wata ya ƙare. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

Kowa ya san dokar Alhaji, mai magazan: da ruwan shuka ya sauka, ƙofar abansi ta rufe. Ba laifinsa ba ne. A wannan lokaci kakar kowa ke mutuwa. Akwai wani direbanmu da ya binne kaka ɗaya sau uku, ko wace damina tana tashi ta sake mutuwa daidai lokacin sayen iri.

Madam ta ce, "In kuɗɗin kwanakin da ka riga ka yi aiki kake so, wanga naka ne, in ba ka yanzu ba sai an tashi Alhaji ba. Amma wata bai yi nisa ba, ba za su fi jika ashirin da 'yan kai ba."

Na ce, "Tis'in nake so."

Ta ajiye biro. "To wanga abansi ne na gaske, kuɗɗin aikin da ba ka yi ba tukuna. Sai shi. In ka shiga, abu ukku za shi nema: nawa, don mi, ƙaƙa za ka biya. Ba ka da tsohon bashi, wanga ya taimake ka. Ƙaƙa za ka biya?"

Na ce a cire cikin wata biyu, arba'in da biyar, arba'in da biyar, in huta.

"Ku ci mi, kai da matarka da ɗiyanka? Siminti?" Ta ce Alhaji ba ya yarda da irin wannan alkawari, don wanda aka miƙa wa albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata, ko ya dawo neman wani abansi, ko buhuna su fara ɓacewa, kuma mabuɗi a hannuna yake. Ta ce in ce jika sha biyar duk wata, wata shida, a fara daga ƙarshen wannan watan. Abin da ya rage zai riƙe gida ko da da ƙyar.

Saura dalili. Na ce zan ce matata ce ba lafiya. Ta yi tsaki. Ta ce matar Alhaji na ganin matata a wurin niƙa, kuma duk wanda ya ce ciwo, Alhaji takardar likita yake nema. "Faɗi gaskiya, ko mai muni ce. Ƙarya in ta fashe, ba abansi kaɗai za ka rasa ba." Sai na gaya mata ƙanena ya sari mutum a gona, yana kwance asibiti, mu ke da biya. Ta ce, "Yesu!" ta dafe ƙirji. Na miƙa mata takardar majo. Sunan da ke kai irin wanda rabin Arewa ke amsawa ne, ta duba hatimi, ta ja farar takarda ta rubuta roƙon da faransanci. Ba ta tambaye ni ko wane ne ba, ni kuma na tuna gargaɗin ƙanen tsohon.

Alhaji ya iso, amma ba a tare babban mutum da roƙo yana sauka daga mota. Sai ya zauna, sai ya gaisa da maƙwabtan shago ɗaya bayan ɗaya, ina kwana, ina gajiya, ƙaƙa ruwa, sai an kawo masa shayi. Wani dillali ya zo da zancen farashin rodi ya baje kamar ba zai tashi ba. Ina tsaye bakin ƙofa, jinina na tafasa. Wallahi na so in ɗauki dillalin nan da kujerarsa in ajiye a kan kwalta.

Ina nan tsaye sai ga abokina ya zo, fari fat da ƙurar siminti, tun asuba suke sauke tirela. Ya miƙo mini ƙosai cikin takarda. Ya ce, "Ka ji tsohona? Wai ya faɗi a gona. Na ce mishi shi bar wa yara shuka, ba shi ji. Tsohon ga taurin kai gare shi awa jaki." Yana dariya. Na ce, "Allah shi sawwaƙe." Na karɓi ƙosan na riƙe. Ban taɓa jin na tsani bakina irin na wannan lokaci ba.

Da dillali ya fita na cire takalmi na shiga na durƙusa. Madam ta biyo ni da takarda. Na gaishe shi gajeriyar gaisuwa, na ce, "Alhaji, na san doka, amma rai ne. Abansi nike roƙo, jika tis'in. Ƙanena ya sari mutum da sungumi da safen ga kan iyakar gona. Shina kwance asibiti, sun ce sai Doso. In ka yarda a riƙa cire sha biyar duk wata, wata shidda, daga ƙarshen wanga wata."

Ya ce, "Inna lillahi. Kun gani ko? Ƙasar da za ta cinye mu duka, ita muke kashe juna a kanta." Ya karɓi takardar majo ya juya ta. Ya tambayi Madam ko ina da saura, ta ce babu. Ya tambaya in na bar aiki kafin wata shida fa. Na ce a cire abin da ya rage daga haƙƙina na ƙarshe. Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Da ka ce min kakarka, da na kore ka. Na ba ka. A kira shaida."

Na daɗe a magazan ban taɓa cin abansi ba, shi ya sa wannan bai zo mini a rai ba. Alhaji ba ya ba da babban abansi sai da mai tsaya maka, kuma sai ɗan garinku wanda ya san ƙofar gidanku. Za ka maimaita dalilinka da bakinka a gabansa, don in ƙarya ce ɗan gari zai sani. Shi kuma ya sa hannu cewa in ka gudu, haƙƙinka bai cike ba, daga nasa za a cire. A duk magazan ɗan garinmu ɗaya ne.

Na ce, "Alhaji, don Allah a kira wani."

"Wa ya san gidanku in ba shi ba?" Ya riga ya leƙa taga ya ƙwala kira.

Na ce, "Alhaji, tsaya in faɗa maka..." Ban ƙarasa ba ƙofa ta yi duhu. Abokina ya shigo yana kakkaɓe hula, ya durƙusa kusa da ni har kafaɗarmu na gogar juna.

Alhaji ya ce, "Ɗan garinku na neman abansi. Kai, faɗi dalilinka shi ji."

Na fara kame-kame. Alhaji ya ƙosa, ya faɗa da kansa. "Ƙanenai ya sari wani da sungumi yau da safe, kan iyakar gona, an kawo shi asibiti. Kana da labari? Gaskiya ne?"

Gonarmu da hanya ta yi iyaka ta gabas, da fako ta arewa, da gonar kawuna ta yamma. Maƙwabci ɗaya ya rage, kuma abokina ya san haka kamar yadda ya san tafin hannunsa. Na ji kafaɗarsa ta janye daga tawa. Ya juyo a hankali. Ya ce, "Wace iyaka?"

Na ce, "Ɗan uwa, ka saurare ni."

"Wace iyaka?"

Ban ga tahowar kansa ba. Na dai ji kamar an buga mini bulo a baki, na faɗa kan teburin shayi, kofuna suka tarwatse. Haƙori biyu na tofar a tafin hannuna. Ya haye ƙirjina ya shaƙe ni da hannuwan nan masu kaushin siminti, yana buga ƙeyata da daɓe, yana cewa, "Ka karɓi ƙosaina! Ka dube ni ka ce Allah shi sawwaƙe!" Alhaji na ihu, Madam na ihu. Na yi niyyar in kwanta ya dake ni har ya gaji, don yana da gaskiya. Amma da na ji ya ce zai je ya yanka ƙanena ya haɗa da uwar da ta haife shi, sai idona ya rufe. Ni ma ba a haife ni da sanyin zuciya ba, gidanmu ɗaya da mai sungumin. Hannuna ya faɗa kan babban kwaɗon magaza, na ɗaga na maka masa a gira. Fata ta tsage, jini ya zubo mini a fuska, mai ɗumi.

Muka mirgina muka fito ta ƙofa har tsakar fili. Alhaji ya shiga tsakani, aka yage masa babbar riga daga wuya zuwa ciki. Madam ta kama hannun abokina, ya watsar da ita, ta faɗi kan yashi, tabarau ya karye. 'Yan dako suka rugo, mutum huɗu suka rataya a jikinsa, ya girgije su. Ya sunkuya ya ɗauko guntun rodi daga tarin da aka yanka. Na ga ya ɗaga, na kare kaina da hannun dama. Ƙarar da na ji irin ta karan dawa ce in an taka shi. Hannun ya lanƙwashe a inda babu gaɓa. Na durƙusa ina amai. Ya sake ɗagawa, wannan karon kaina yake nema, kuma babu wanda ke kusa da zai tare.

Madam ce, daga inda take zaune a ƙasa, ta ƙwala masa kira da muryar da ban san tana da ita ba. "Ubanka bai mutu ba! Shina kwance shina jiran mota! Kuɗɗin motar ne wanga mutum ya zo roƙo! Kashe shi, sai ka goya ubanka ka kai shi Doso a ƙasa!"

Rodin ya tsaya a sama. Yana huci, jini na bin gefen hancinsa yana ɗiga kan farar ƙurar da ke ƙirjinsa. Ya sake shi ya faɗi. Sannan ƙaton nan ya zauna daɓas a kan yashi ya ɗora hannu biyu a ka, ya fashe da kuka yana kiran Baba.

Alhaji ya fusata. Ya ce a kira 'yan sanda, ya ce dukanmu mun bar masa aiki, magazansa ba mahauta ba ce. Ya juyo kaina. "Kai kuma! Ka zo min da rabin gaskiya! Ka bar ni na kira yaro na soka mishi wuƙa da bakina!" Na ce ƙanen ubansa ne ya hana a faɗa. Ya ce, "Shi anka ce kada a faɗa wa, ba ni ba!" Na ja jiki na kama ƙafarsa da hannun da ya rage. Bakina cike da jini, maganar na fita da ƙyar. Na ce, "Alhaji, in ka kore ni ba albashi, in ba albashi ba abin da za a cire, ba abansi. Ka kore ni bayan wata shidda. Ka ƙara kuɗɗin rigarka da tabaran Madam a kaina. Amma mota ta tashi yanzu."

Ya tsaya yana kallon mu biyun, ɗaya na kuka, ɗaya na tofar da jini. Ya yi tsaki mai tsawo ya ce Madam ta kawo takarda. Ya ce ba zai danƙa kuɗi a hannun ko ɗayanmu ba, Madam za ta bi mu ta biya da kanta, ta dawo da rasit. Ya zaro jika goma daga aljihunsa ya ce wannan ba bashi ba ne, na tsoho ne. Sannan ya ce a nemo wani shaida cikin 'yan dako, yau ya karya dokarsa, don ba zai sa ɗa ya tsaya wa gidan da ya sari ubansa ba.

Abokina ya ɗago kai. Ya ce, "A'a. Ni za ni sa hannu."

Alhaji ya ce, "Ka san abin da kake faɗi? In ya gudu, kai za ka biya."

"Na sani. Shi gudu in gani."

Aka shimfiɗa takardar a kan buhun siminti. Madam ta karanta da ƙarfi tana riƙe da rabin tabarau a ido: jika tis'in, sha biyar duk ƙarshen wata, wata shida. Hannun da nake sa hannu da shi ya karye, sai aka shafa wa babban yatsana na hagu tawada na dangwala. Shi ma ya dangwala nasa a ƙasa. Alhaji ya ba da motar magaza, muka shiga baya mu biyu, ba mai kallon wani, kowane rami ta faɗa sai na ciji rigata.

A asibiti Madam ta biya esansi, ta sayo magani, ta miƙa wa ƙanen tsohon sauran don abin da za su tarar a can. Aka fito da tsohon. Abokina ya ƙi yarda a ɗinke masa gira, ya ɗaure da ƙyalle ya shiga ambulans ya ɗora kan ubansa a cinya. Na tsaya a bakin ƙofa har suka hau kwalta. Daga nan aka shigar da ni aka ja hannun aka ɗaure, na yi ihun da ban yi ba lokacin da aka karya shi.

Bayan azahar Madam ta shigo ɗakin da nake kwance. Ta zauna a bakin gado, ta fara da cewa jikin tsoho ya yi nauyi a hanya. Na ce, "Madam, ni kada ki ba ni kaɗan-kaɗan." Ta ce sun wuce garin Kore Mairuwa da kaɗan ya cika, motar ta juyo.

Na sha tambayar kaina ko da mun tashi da wuri da ya kai. Na tambayi majo, ya ce irin wannan sara, Allah kaɗai ya sani. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko lallashina yake.

Kafin la'asar jandarmomi suka je suka fitar da ƙanena daga gidan mai gari, ana jifan motarsu da duwatsu. Mai gari da kansa ya kira su, kuma da bai kira ba da ba a kai ƙanena gaban alƙali da rai ba. Yana gidan kaso har yanzu da nake wannan rubutu. Inna ta koma wurin 'yan uwanta. Gonakin biyu ba wanda ya shuka su a wannan damina. Ba a bar ni na je jana'iza ba. Madam ta tambaye ni ko a karɓo abin da ya rage a mayar wa Alhaji a rage mini bashi, na ce a bar musu, a yi likkafani da hatsin zaman makoki.

Alhaji bai kore mu ba. Na koma aiki da hannu a rataye a wuya, abokina ya dawo bayan sadakar bakwai. Kowa ya yi mamaki, don shi ne babba a gidansu, uwarsa da ƙannensa na jiran sa a ƙauye, kuma an yi ta aiko masa ya koma. Bai koma ba. Ina ƙirga buhuna yana ɗauka, in ce goma, ya ɗauki goma. Ba gaisuwa, ba zagi. Duk ƙarshen wata in na tsaya gaban teburin Madam ta ƙirgo mini hamsin da biyar, in na juyo sai in gan shi jingine da ƙofa yana kallo. Matata ta koma sayar da ƙuli-ƙuli, muka bar cin nama, na sayar da rediyona. Wata na huɗu ɗiyata ta yi masassara, Madam ta ce ana iya roƙon Alhaji a tsallake wata ɗaya a ƙara a baya. Na dubi ƙofa na ce a cire.

Ranar cirewa ta ƙarshe, an riga an kai hatsi rumbu, Madam ta kira mu mu biyu. Ta rubuta a ƙasan takardar cewa an biya duka, Alhaji ya sa hannu, ta ce wa abokina nauyi ya sauka daga kansa. Ya dubi takardar, ko da yake ba ya karatu.

Ya ce, "An gama?"

Madam ta ce, "An gama."

Sai ya juyo ya dube ni ido cikin ido, karon farko tun ranar. Tabon kwaɗon ya raba masa gira biyu. Na buɗe baki in ce ya yafe mana, na daɗe ina shirya kalmomin. Ya ɗaga hannu ya tsai da ni.

Ya ce, "Kai naka bashin ya ƙare. Na jinin ubana bai ƙare ba."

Ya karɓi albashinsa, ya gaya wa Alhaji ya bar aiki daga yau, ya ɗauki ledar kayansa da ya riga ya ɗaure tun safe. Na bi shi har bakin kwalta ina kiran sa. Ya tare kabu-kabu ya hau, bai waiwayo ba.